Tambayoyi da amsoshi kan sanya wa bidiyon tiyata alamun matakai domin bitar ɗalibai

Waɗannan su ne tambayoyin da ƙananan likitoci, ɗaliban likitanci da ma'aikatan ɗakin tiyata a Legas suka fi maimaitawa idan aka miƙa musu bidiyon aiki aka ce su raba shi mataki-mataki. Mun ɗauki aiki guda ɗaya a matsayin misali, wato cire madaciya ta hanyar laparoskofi, aikin da ake yi da kyamara ta ƙananan huji a ciki. Mun zaɓe shi ne domin kyamarar da likita yake gani da ita, ita ce take ɗaukar bidiyon, saboda haka abin da ɗalibi zai kalla shi ne abin da mai aikin ya gani.

1. Me ake nufi da sanya alamar mataki, kuma me ya bambanta shi da yanke bidiyo?

Alamar mataki abu uku ce: lokacin da mataki ya fara, lokacin da ya ƙare, da sunansa. Ba a taɓa hoton kansa. Ana rubuta waɗannan lokuta a wani ɗan ƙaramin fayil, ko a cusa su cikin bidiyon a matsayin babi-babi, yadda ɗalibi zai danna sunan mataki ya faɗa daidai wurin, maimakon ya yi ta jan yatsa gaba da baya yana laluben inda aka fara sa kilif.

Yanke bidiyo kuwa cire wani ɓangare ne. Yana canja tsawon bidiyon, kuma duk lokacin da ya zo bayan wurin da aka yanke sai ya goce. Shi ya sa ake gama yankewa tukuna sannan a soma alama. Tambaya ta 7 ta nuna abin da ke faruwa idan aka juya wannan tsarin.

2. Mataki nawa ya kamata a raba aikin madaciya?

Babu adadi ɗaya da kowa ya amince da shi, amma akwai rabon da ya yi suna. Masu bincike a Strasbourg ta ƙasar Faransa sun tattara bidiyo 80 na wannan aikin, tarin da ake kira Cholec80, suka raba kowanne gida 7: shiri, buɗe kusurwar Calot da ke tsakanin wuyan madaciya da hanta, sa kilif da yankewa, raba madaciya da hanta, sa ta a jaka, wankewa da tsayar da jini, sai fitar da ita. An yi wannan rabon ne domin a koya wa na'ura gane matakai. Ɗalibi ba na'ura ba ne, bukatarsa daban ce, don haka muna ƙara biyu. Muna ware kama madaciya da ɗaga ta daga shiri, domin yawancin wahalar da ake sha a gaba daga mummunan kamu take farawa. Muna kuma ware tsayawar da likita yake yi ya tabbatar da abin da yake gani kafin ya sa kilif, ko da ba ta kai minti ɗaya ba. Sun zama 9.

Idan matakan suka yi kaɗan, kamar huɗu, kowanne zai kai minti goma ko fiye, ɗalibi ya koma lalube. Idan suka haura goma sha biyar, mutum biyu ba za su taɓa raba bidiyon iri ɗaya ba, kuma jerin zai fi ƙarfin allon waya. Abin da muke aunawa da shi shi ne: shin malami zai iya ce wa ɗalibi «je ka sake kallon wannan matakin» a matsayin darasi guda? In zai iya, mataki ne. In ba zai iya ba, aukuwa ce a cikin mataki, kuma tambaya ta 6 ta yi bayaninta.

3. A ina mataki yake farawa, a ina yake ƙarewa?

Nan ne aikin yake. Sunayen matakai kowa ya san su, a kan iyaka ake samun saɓani. Ƙa'idar ita ce a ɗaure kowace iyaka da abin da ido yake gani a allo, ba da abin da ake zaton likita yana nufin yi ba. «Lokacin da ya fara shirin sa kilif» ba iyaka ba ce, domin shirin yana cikin kansa. «Firam na farko da bakin abin sa kilif ya bayyana a allo» iyaka ce, domin ko ɗalibin da bai taɓa shiga ɗakin tiyata ba zai iya nuna ta da yatsa.

Haka za a bi sauran. Kama madaciya yana farawa ne lokacin da abin kamu ya damƙi ƙoƙonta. Buɗe kusurwar Calot yana farawa lokacin da ƙugiyar wuta ko abin tsagawa ya fara taɓa fatar da ta lulluɓe wuyan madaciya. Raba ta da hanta yana farawa da taɓawar farko bayan an yanke bututun madaciya da jijiyar jininta duka biyu. Sa ta a jaka yana farawa da bayyanar jakar. Wankewa yana farawa da bayyanar bututun ruwa da zuƙa bayan madaciyar ta rabu. A rubuta waɗannan a takarda ɗaya kafin a buɗe bidiyon farko, babban likitan sashe ya duba ya amince, kowane mai sa alama ya riƙe kofi.

Ƙarshen mataki kuwa kada a ba shi wata ƙa'ida ta daban. Mataki yana ƙarewa ne inda na gaba ya fara. Da zarar an ce kowanne yana da nasa ƙarshen, sai a sami giɓi na daƙiƙa ashirin ko talatin da babu mai shi, kuma sau da yawa a cikin irin wannan giɓin ne ake canja kamu, abin da ɗalibi yake bukatar gani.

4. Za a iya nuna yadda jerin yake a bidiyo guda?

Ga misali na bidiyon minti 47, aikin da ya tafi ba tare da babbar matsala ba. An rubuta sunayen da Turanci domin da shi ake koyarwa da jarrabawa, kuma haka ɗalibi zai gan su a allo:

```
00:00 1 Access and inspection
04:10 2 Retraction and exposure
07:35 3 Hepatocystic triangle dissection
21:50 4 Critical view of safety
22:40 5 Clipping and division
27:15 6 Liver bed dissection
36:05 7 Bagging
38:20 8 Irrigation and haemostasis
43:30 9 Extraction and port check
```

Dubi tsawon kowanne. Mataki na 3 ya ci minti 14 da daƙiƙa 15, kusan kashi ɗaya cikin uku na dukan bidiyon, na 4 kuwa daƙiƙa 50 ne kacal. Ba kuskure ba ne, haka aikin yake, kuma kada a yi ƙoƙarin daidaita su. Amma minti 14 ya yi wa ɗalibi yawa, saboda haka ana iya raba na 3 gida uku a ƙarƙashinsa: buɗe fatar gaba, buɗe ta baya, da ɗaga ƙasan madaciya daga hanta, a kira su 3a, 3b da 3c. Lambar da aka sa a gaban kowane suna tana da amfani idan aka yanka guntaye daga baya, domin kwamfuta takan jera fayiloli bisa haruffa, kuma in babu lamba sai jaka ta zo kafin kilif.

5. Me ya sa ake ba mataki na 4 muhimmanci haka, alhali bai kai minti ɗaya ba?

Domin babban haɗarin wannan aikin shi ne a ɗauki babban bututun da ke sauke ruwan madaciya daga hanta zuwa hanji a matsayin ƙaramin bututun madaciya, a sa masa kilif a yanke. Likita Steven Strasberg da abokan aikinsa ne suka bayyana wannan kallon tabbaci a 1995, kuma sharuɗɗansa uku ne. An share kusurwar da ke tsakanin madaciya da hanta daga kitse da zare-zaren nama. An raba kashi ɗaya cikin uku na ƙasan madaciya daga hanta har shimfiɗar da take kwance a kai ta fito fili. Sannan ana ganin abu biyu, biyu kawai, suna shiga madaciya: bututunta da jijiyar jininta.

Kuskuren da ya fi yawa wajen sa alama shi ne a liƙa wannan sunan a kan daƙiƙun da suka gabaci kilif kawai don a nan ya kamata ya kasance. Idan ɗalibi ya kalli hoton da kitse bai gama fita ba, da rubutu a ƙasa yana ce masa wannan shi ne kallon tabbaci, an koya masa ya amince da hoton da bai kai ba, kuma wata rana shi ne zai riƙe abin sa kilif. Sai a tsayar da bidiyon, a duba sharuɗɗan ɗaya bayan ɗaya, ta gaba da ta baya idan likitan ya juya madaciyar. In sun cika, a sa sunan. In ba a ga na biyu ba, wanda shi ne aka fi tsallakewa, a rubuta gaskiya, misali `Pre-clip view, cystic plate not shown`.

Wannan hukuncin ba na ƙaramin likita ba ne shi kaɗai, balle ɗalibi. Wanda ya sa alama ya ɗauki hoton firam ɗin, ya kai wa babban likita. Yana da kyau kuma a tuna cewa ba komai ne mai kallon bidiyo yake lura da shi ba: likita yana iya ganin abu a wani kusurwa na daƙiƙa ɗaya ya gamsu. Alamar tana faɗin abin da bidiyon ya nuna ne, ba tana yanke wa likitan hukunci ba, kuma idan aka faɗi haka tun farko ana rage jin zafi a taron sashe.

6. Jini ya ɓalle a tsakiyar mataki, ko likita ya koma matakin baya. Yaya ake rubuta wannan?

A yi layi biyu. Layi na farko na matakai ne, waɗanda suke bin juna ba giɓi. Layi na biyu na aukuwa ne: zubar jini, fashewar madaciya da zubewar ruwanta ko duwatsu, hayaƙin ƙugiya ya rufe gani, fitar da kyamara a goge, kilif ya zame. A misalinmu, a ce jini ya taso daga jikin hanta a 31:20 aka tsayar da shi a 33:05. Bututun zuƙa ya bayyana a allo, amma ba a shiga mataki na 8 ba, domin madaciyar tana manne da hanta har yanzu. Matakin yana nan a 6, aukuwar kuma a rubuta ta daban da lokacin farawa da na ƙarewa. Shi ya sa ƙa'idar mataki na 8 a tambaya ta 3 ta ce «bayan madaciyar ta rabu».

Komawa baya kuwa gaskiya ce da ya kamata ta fito. Idan abin sa kilif ya shigo, likita ya duba bai gamsu ba, ya janye shi ya ci gaba da share kusurwar har minti uku, a rubuta 5, sannan 3 karo na biyu, sannan 4, sannan 5 kuma. Wasu sukan so su ɓoye wannan don jerin ya yi kyau. A ganinmu wannan minti ukun ya fi sauran bidiyon daraja wajen koyarwa, domin yana nuna likita yana fasa abin da ya yi niyya. Sai dai a sa wa komawar mafi ƙarancin tsawo da sashe zai amince da shi, misali daƙiƙa 30. Abin da bai kai haka ba ya tafi layin aukuwa.

Wasu likitoci kuma sukan fitar da madaciya kafin su wanke, wasu bayan sun wanke. Lambar tana bin sunan mataki, ba tsarin zuwansa ba. Idan 9 ya riga 8, a rubuta shi haka.

7. Na gama alama, amma da na buɗe a wata na'ura duk lokutan sun goce. Me ya jawo?

A fara duba yanayin gocewar, domin shi ne zai nuna dalili. Idan alamun farko daidai suke, sannan daga wani wuri duk sauran suka goce da adadi iri ɗaya, an yanke wani ɓangare bayan an sa alama. A misalinmu, idan aka cire daƙiƙa 38 a wajen minti na 12 inda kyamara ta fito ta haska fuskokin ma'aikata, mataki na 1 zuwa na 3 suna nan daidai, amma na 4 ya koma 21:12. Tsohuwar alamar 21:50 za ta kai ɗalibi daƙiƙa 12 na ƙarshen kallon tabbacin, ya rasa sauran.

Idan gocewar tana ƙaruwa yayin da bidiyon yake tafiya, matsalar adadin firam ce. Wanda ya rubuta lambar firam maimakon lokaci, a bidiyo mai firam 25 a daƙiƙa, zai rubuta 32,750 a madadin 21:50. Idan wani ya lissafa da 30, zai sauka a wajen 18:12, tsakiyar mataki na 3. Maganin shi ne a rubuta lokaci, a kuma rubuta adadin firam na bidiyon a saman takardar. Bidiyon da aka ɗauka da waya daga allon ɗakin tiyata yakan zo da adadin firam mai hawa da sauka, sai a mayar da shi tsayayye tun kafin a fara.

Na uku shi ne rabuwar fayil. Fulash ɗin da aka tsara da FAT32 ba ya karɓar fayil da ya wuce 4 GB, don haka na'urori da yawa sukan tsinka ɗauka gida-gida. Bidiyon da ake ɗauka a kan megabit 20 a daƙiƙa zai cika wannan a wajen minti 28 zuwa 29, wato cikin mataki na 6 a misalinmu, kuma fayil na biyu yana sake ƙirga lokaci daga sifili. A haɗe su tukuna, kamar yadda tambaya ta 8 ta nuna.

8. To wane tsari ake bi daga fulash har zuwa bidiyon da za a sa wa alama?

A kwafi asalin fayilolin a ajiye, kada a sake taɓa su. A rubuta sunayen guntayen a jere cikin ɗan fayil na rubutu mai suna `list.txt`, kowanne a layinsa kamar `file 'part1.mp4'`, sannan a haɗe su da manhajar ffmpeg:

```
ffmpeg -f concat -safe 0 -i list.txt -c copy joined.mp4
```

Daga nan a cire abin da zai tona asirin majiyyaci, yadda tambaya ta 9 ta bayyana, a adana sakamakon da sunan `clean.mp4`. Sai a fitar da kofi na koyarwa mai tsayayyen adadin firam, marar sauti, marar bayanan da na'ura ta cusa, kuma mai sauƙin nauyi:

```
ffmpeg -i clean.mp4 -an -map_metadata -1 -vf scale=-2:720 -r 25 -c:v libx264 -crf 23 -g 50 master.mp4
```

Wannan `-g 50` yana sa a ajiye cikakken hoto aƙalla duk bayan daƙiƙa biyu, abin da ke sa tsalle zuwa babi ya sauka kusa da inda ake so. A kan wannan kofin kaɗai ake sa alama, kuma daga wannan lokaci ba a sake yanke shi. Rage nauyin ba ƙaramin abu ba ne ga ɗalibin da zai kalla a waya cikin motar haya tsakanin Agege da Idi-Araba: minti 47 a megabit 20 ya kai kusan 7 GB, a megabit biyu da rabi kuwa bai kai 900 MB ba. Amma kada a matse shi har hoto ya dusashe. A gwada da mataki na 4: in ba a iya bambanta jijiyar jini da zaren nama a allon waya, an matse da yawa.

9. Bidiyon cikin ciki ne, fuska ba ta fito ba. Akwai sauran abin ɓoyewa?

Akwai, kuma a wurare huɗu yake laɓewa. Daƙiƙun farko, inda na'ura takan nuna suna, lambar kati da kwanan wata. Duk lokacin da aka zaro kyamara don a goge ta, ta haska fuska, zane ko tabo a jiki, ko allon bango mai jerin sunayen masu aiki na ranar. Sauti, inda ake kiran sunan majiyyaci ko ana hira. Sai sunan fayil ɗin kansa da bayanan da ke cushe a cikinsa. Idan rubutun yana manne a gefen hoto daga farko har ƙarshe, yankewa ba za ta yi ba, sai a rufe gurbin ko a datse gefen.

Bayanan lafiya suna cikin waɗanda dokar kare bayanan jama'a ta Nijeriya ta 2023 ta ba kariya ta musamman. Yardar yin aiki daban take da yardar ɗaukar bidiyo a nuna wa ɗalibai, sai a nemi ta biyun a rubuce, bisa tsarin asibitin. Ga majiyyaci Bahaushe da ba ya jin Turanci ko Yarbanci sosai, a sami mai yi masa bayani da Hausa ƙarara: «Baba, za a ɗauki hoton cikin ne kawai don koyar da ɗalibai, sunanku ba zai fito ba, kuma in ba ku yarda ba aikin yana nan yadda aka tsara.» A alamun kansu kuma kada a rubuta shekaru, unguwa, ranar aiki ko sunan likita. Lamba ta isa, makullin lambar ya zauna wurin mutum ɗaya a sashe.

10. Da wace manhaja ake nemo lokutan, kuma sau nawa ake kallo?

VLC ya wadatar. Maɓallin `E` yana matsawa firam ɗaya gaba, `Shift` da kibiya yana tsallen daƙiƙa 3, `Alt` da kibiya daƙiƙa 10, `Ctrl+T` kuma yana kai mutum lokacin da ya rubuta. Kallo uku muke ba da shawara. Na farko a guje, ninki biyu na sauri, ba a rubuta komai sai kimanin wuraren iyaka da abin da ya saɓa al'ada. Na biyu a je kowace iyaka, a koma baya daƙiƙa goma, a taho a hankali har firam ɗin da ƙa'ida ta ambata. Na uku domin aukuwa ne kaɗai. Wanda ya ce zai yi duka a kallo ɗaya yakan rubuta lokutan a makare, domin sai ya gane mataki ya canja sannan hannunsa ya kai ga maɓalli. A riƙa adana takardar bayan kowace iyaka, kada wuta ta ɗauke a koma farko.

11. A wane irin fayil za a sa alamun?

Asali ya zauna a takardar lissafi mai ginshiƙai: lambar bidiyo, lambar mataki, farawa, ƙarewa, suna, layi, da wanda ya sa. Daga ita ake fitar da sauran. Idan a shafin koyarwa na makaranta za a kalla, WebVTT ne ya fi dacewa:

```
WEBVTT

00:21:50.000 --> 00:22:40.000
4 Critical view of safety

00:22:40.000 --> 00:27:15.000
5 Clipping and division
```

Idan kuwa ɗalibai za su riƙe bidiyon a na'urorinsu, gara a cusa babin a ciki, don ɗan fayil na gefe yakan ɓace wajen turawa. Ana rubuta su a fayil mai suna `chapters.txt` da kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa, wato 21:50 ya zama daƙiƙa 1,310, a rubuta 1310000:

```
;FFMETADATA1
[CHAPTER]
TIMEBASE=1/1000
START=1310000
END=1360000
title=4 Critical view of safety
```

```
ffmpeg -i master.mp4 -i chapters.txt -map_chapters 1 -c copy final.mp4
```

Ba kowace manhajar waya ce take nuna babi ba, sai a gwada a wayoyi biyu ko uku kafin a raba. YouTube ma yana yin babi daga lokutan da aka rubuta a bayanin bidiyo, in na farko ya fara daga 00:00, sun kai uku, kuma kowanne ya kai daƙiƙa 10. Amma bidiyon da ba a jera shi a bincike ba, duk mai adireshinsa zai iya buɗewa ya tura wa wani, don haka a koma tambaya ta 9 kafin a ɗora komai.

12. Mutum biyu sun sa wa bidiyo ɗaya alama, lokutansu sun bambanta. Wa ke da gaskiya?

Kafin a nemi mai gaskiya a dubi girman tazarar. Sashe ya tsayar da abin da zai yafe, misali daƙiƙa 5. Abin da bai wuce haka ba, a ɗauki na farkon lokacin, domin gara ɗalibi ya sauka kafin mataki ya fara da ya tarar an yi nisa. Idan tazarar ta kai minti, kusan kullum laifin ƙa'idar ne. A ce ɗaya ya rubuta farkon mataki na 3 a 07:35, ɗayan a 05:50. Da aka duba, a 05:50 ƙugiya ta taɓa nama, amma kitsen hanji ne da ya manne wa madaciya ake ɓanɓarewa, ba a kai ga wuyanta ba. Ƙa'idar ba ta faɗi inda ɓanɓare mannewa zai shiga ba. Sai a ƙara mata layi cewa yana cikin mataki na 2, a sa wa takardar sabuwar lamba, a koma bidiyoyin baya a gyara su. Bidiyo biyar na farko su ne ya fi kyau mutum biyu su yi kowa shi kaɗai sannan a gwama, domin a nan yawancin ramukan ƙa'ida suke fitowa.

13. Ya kamata a yanka kowane mataki ya zama guntun bidiyo mai zaman kansa?

Yana da amfani idan ana so a jera mataki ɗaya daga ayyuka daban-daban, kamar kallon tabbaci guda goma a jere, ɗalibi ya faɗi wanda ya cika da wanda bai cika ba kafin a nuna masa amsa. A bar wa kowane guntu daƙiƙa goma kafin iyaka da biyar bayanta, domin a ciki mutum yakan rikice da sama da ƙasa in an jefa shi tsakiyar hoto. Yankewa da `-c copy` tana da sauri, amma tana farawa ne daga cikakken hoto mafi kusa, don haka guntun yana iya farawa da wuri ko da hoto a daskare. In ana son daidai, a sake sarrafa shi:

```
ffmpeg -ss 00:21:40 -i master.mp4 -t 65 -c:v libx264 -crf 23 step4.mp4
```

Guntaye ba sa maye gurbin cikakken bidiyon. Wanda ya kalli mataki na 5 shi kaɗai zai ga kilif biyu a ɓangaren da zai zauna a jiki da ɗaya a ɓangaren madaciya, ya ga almakashi ya yanke tsakani, ya ɗauka aikin ke nan. Minti 14 da suka sa yankan ya zama marar haɗari suna mataki na 3.

14. Aikin bai tafi yadda aka tsara ba, an koma buɗe ciki ko ba a cire madaciya duka ba. A jefar da bidiyon?

A'a. A sa wa matakan da aka yi sunayensu har inda aka tsaya, sannan a buɗe sabon suna ga abin da ya biyo baya, misali `Bail-out: subtotal` ko `Conversion to open`. Kada a tilasta wa bidiyon matakai 9. Matakin da ba a yi ba a bar shi a takardar da alamar ba a yi ba, don mai dubawa ya san ba mantuwa ba ce. Iyakar da ta fi wuya ita ce ta yanke shawara, tunda shawara ba ta bayyana a allo. A bi ƙa'idar tambaya ta 3: a ɗauki aiki na farko da ya nuna an canja hanya, kamar tsaga jikin madaciya da gangan, ko zare kyamara zarewar ƙarshe. Minti biyu ko uku da suka gabaci wannan wurin a sa musu alama a layin aukuwa, a roƙi babban likitan da ya yi aikin ya rubuta jimla biyu kan abin da ya gani ya sa ya fasa: kumburi ne ya haɗe kusurwar, jini ne ya hana gani, ko bututun ne bai fito yadda ake tsammani ba.